Laulayin Da Ya Wuce Kima: Inda Haƙuri Ya Tsaya, Asibiti Ya Karɓa

Da wuya a sami gidan da ba a san laulayi ba. Mace ta yi ɓatan wata, sai ƙamshin girkin da ta saba yi kullum ya koma mata abin gudu, turaren maigida ya dame ta, bakinta ya riƙa tara yawu, ta yi amai da safe ko da yamma. Manyan mata su dube ta su ce, "Ai laulayi ne, kowa da haka ta haihu. Yi haƙuri, zai wuce." Mafi yawan lokaci gaskiya suka faɗa, domin cikin mata goma masu ciki, bakwai zuwa takwas suna fama da tashin zuciya ko amai a watannin farko, kuma akasarinsu suna warwarewa ba tare da an kwantar da su ba.

Sai dai akwai wani kaso kaɗan, wajen mace ɗaya zuwa uku cikin ɗari, waɗanda nasu laulayin ya tashi daga alamar ciki ya zama cuta. Irin wannan mace ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Tana ramewa ana gani, fitsarinta yana raguwa, in ta miƙe jiri ya ɗebe ta. Likitoci suna kiran wannan hali haifaremesis girabidarum, kuma yana cikin manyan dalilan da ke sa a ba mace gado a farkon ciki. Yana da magani, amma in aka bar shi da haƙuri kaɗai yakan taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, har ya kai ga rasa rai. Abin da kowane gida ke buƙata shi ne sanin iyakar da ke tsakanin waɗannan biyun, kuma ana iya gane ta tun daga ɗaki, kafin a ga ma'aikacin lafiya.

Yadda laulayin da aka saba yake tafiya

A asibiti ana ƙirga ciki da makonni, ana farawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Da wannan lissafi, laulayi yakan fara tsakanin mako na 4 da na 7, wato jim kaɗan bayan ɓatan wata. Yakan kai ƙololuwa wajen mako na 9, sannan ya fara sauka yayin da ciki ke cika wata uku. Kusan tara cikin goma na mata sun rabu da shi kafin mako na 20, tsakiyar ciki ke nan. Ba shi da lokaci ɗaya a yini. Wata da asuba yake kama ta, wata sai bayan la'asar, wata kuma yini take zuciyarta na tashi ba tare da ta yi amai ba.

Abin da ke nuna laulayi bai fita hanya ba shi ne wani abu yana zama a cikin mace. Tana iya yin amai sau ɗaya ko biyu, amma bayan ta huta za ta sha kunu ya zauna, ta ci ɗan abin da ranta ke so. Tana fitsari kamar yadda ta saba, launinsa bai yi duhu ba. Ko ta rame, kaɗan ne. Tana iya wanka, ta yi salla, ta ɗan taɓa aikin gida ko da da ƙyar. Irin wannan laulayi yana da wahala, amma ba ya cutar da ɗan da ke ciki, domin a wannan lokaci ɗan tayi ƙarami ne ƙwarai, abin da yake buƙata kuma jikin uwa yana da ajiyarsa.

Daga ina abin yake fitowa?

An daɗe ana ɗora wa mata laifin laulayinsu. A ce raki ne, ko son jiki, ko shagwaɓar amarya, ko kuma tana gudun aikin gidan miji. Ilimin likitanci ya riga ya wanke su. A watan Disamba na 2023, mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken wata tawaga da ta haɗa da Dakta Marlena Fejzo ta Amurka, wadda ita kanta ta yi ɓari sanadiyyar wannan cuta, da Farfesa Stephen O'Rahilly na Jami'ar Cambridge. Binciken ya nuna cewa mabiyiya, wadda wasu ke ce wa uwar tafiya, tana zuba wani sinadari mai suna GDF15 cikin jinin uwa. Sinadarin yana tafiya har wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa wanda ke kula da tashin zuciya da amai, ya tayar da shi.

Kowane mutum yana da ɗan wannan sinadari a jininsa ko ba ciki. Matar da nata ya yi ƙaranci tun kafin ta ɗauki ciki, jikinta bai saba da shi ba, don haka idan ya hauhawa farat ɗaya sai ya buge ta fiye da sauran mata. Wannan ne ya sa mata biyu a gida ɗaya, masu cin tuwo ɗaya, ɗaya za ta yi ciki tana daka da surfe, ɗayar kuwa ta kwanta wata uku. Shi ya sa kuma abin ke bin jini. Idan mahaifiyar mace ko 'yar'uwarta ciki ɗaya ta yi matsanancin laulayi, ita ma tana kusa da yinsa. Wadda ta taɓa yi a cikin baya, akwai yiwuwa mai ƙarfi ya dawo mata. Cikin tagwaye ma yakan tsananta shi, saboda mabiyiya ta fi girma. Wadata ba ta kare kowa daga gare shi: a Disamba 2012 an kwantar da Catherine, matar Yarima William na Birtaniya, a asibiti a Landan saboda wannan cuta a cikinta na fari, kuma ta sake fama da ita a cikin biyu da suka biyo baya.

Abubuwa uku da za a duba a gida

Yawan amai kaɗai ba ya nuna haɗari. Abin dubawa shi ne me ya zauna a jiki, kuma ana gane shi ta ruwa, da fitsari, da nauyi.

Na farko ruwa. Idan mace ta yi yini da kwana, wato sa'a 24, ba wani abin sha da ya zauna mata, maganar gida ta ƙare. A lokacin bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Damagaram, kada a jira cikar sa'a 24 ɗin. Gumi yana ɗiba, amai yana ɗiba, ba abin da ke shiga. Wadda ta yini tun safe har dare ba ta riƙe ko kofi ɗaya ba, a kai ta a daren.

Na biyu fitsari, kuma shi ne mafi sauƙin shaida. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda tana riƙe ɗan abin da ya rage, sai fitsari ya ragu, ya yi duhu kamar ruwan shayi, warinsa ya yi ƙarfi. Mace mai ciki da ta yi sa'a 8 ba ta yi fitsari ba, jikinta ya bushe. Sauran alamun bushewa su ne leɓe ya tsattsage, harshe ya bushe, ido ya faɗa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jiri ya kama ta da zarar ta tashi tsaye. A lura da wani abu da ke ruɗar mutane: mai matsanancin laulayi takan yi ta tofar da yawu har ta ajiye gwangwani a gefen gado, sai a ɗauka ai jikinta da ruwa. Wannan yawun da ba ta iya haɗiyewa shi ma ruwa ne da ke fita.

Na uku nauyi. Ma'aunin likitoci shi ne, idan mace ta rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinta na kafin ciki, laulayin ya tsananta. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan. Ga mai kilo 50, kilo biyu da rabi. Inda babu sikeli, zobe da ke zamewa daga yatsa da ƙashin wuya da ya fito sun isa shaida.

Mu auna da misali

Mu ɗauki matashiya mai cikin fari, mako na 9. Kafin ciki nauyinta kilo 56. Mako uku ke nan tana amai, amma a kwana huɗun nan abin ya ƙazanta: koko ya dawo, ruwan sanyi ya dawo, ƙwayar maganin da aka sayo a kemis ma ta dawo. Tun asuba sau ɗaya ta yi fitsari, ɗan kaɗan, ja. An ɗora ta a sikeli, kilo 52.

Ma'aikatan lafiya suna da tambayoyi uku da suke auna tsananin laulayi da su, dukkansu a kan sa'a 24 da suka wuce, kowace tambaya da maki daga 1 zuwa 5. Sa'a nawa zuciyarki ta yi tana tashi? Idan ya haura sa'a 6, maki 5 ne. Sau nawa kika yi amai? Babu ko ɗaya maki 1, sau ɗaya zuwa biyu maki 2, uku zuwa huɗu maki 3, biyar zuwa shida maki 4, bakwai ko fiye maki 5. Sau nawa kika yi yunƙurin amai ba abin da ya fito? Shi ma haka ake ƙirga shi. Jimilla 6 ko ƙasa laulayi ne mai sauƙi, 7 zuwa 12 matsakaici, 13 zuwa 15 mai tsanani.

Wannan matashiya yini take cikin tashin zuciya, maki 5. Ta yi amai sau takwas, maki 5. Ta yi kakari sau biyar, maki 4. Jimilla 14. Ga nauyi kuma, kashi 5 cikin 100 na kilo 56 bai kai kilo 3 ba, ita kuwa ta rasa kilo 4, wato kusan kashi 7. Duk ma'aunan sun haɗu a wuri ɗaya. Ba ta buƙatar a canza mata abinci ko a ƙara mata haƙuri. Tana buƙatar ƙarin ruwa da allurar tsayar da amai a ranar.

Idan aka bar ta mako biyu ko uku a haka, ga abin da ke faruwa a ciki. Amai yana fitar da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda tsoka da zuciya ke aiki da shi. Ƙarancinsa yana kawo kasala mai tsanani, ƙafafu su ƙi ɗaukarta, bugun zuciya ya rikice. Ƙoda tana iya gazawa saboda rashin ruwa. Jini yana kauri, ga kwanciya ba motsi, sai ya iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Yawan kakari yana iya tsaga fatar maƙoshi ta ciki, a ga jini a amai. Mafi muni kuma shi ne ƙarewar bitamin B1, wanda ake kira tayamin. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku, kuma ƙwaƙwalwa ba ta aiki sai da shi. Idan ya ƙare, mace takan rikice, ta riƙa mantuwa ko sambatu, ta ga abu ɗaya ya zama biyu, ƙwayar idonta ta riƙa rawa, tafiyarta ta koma tangaɗi. A gidaje da yawa wannan ne lokacin da za a ce iska ce ta taɓa ta, a tafi neman mai ruƙiyya. Addu'a ba ta hana magani, amma wannan hali na gaggawa ne, kowace sa'a tana da muhimmanci, domin idan aka makara lahanin ƙwaƙwalwar yakan zauna har abada. Ɗan da ke ciki ma ba ya tsira idan abin ya daɗe: uwar da ta kasa ƙara nauyi a tsawon ciki ta fi kusa da haihuwar ɗa marar nauyi ko bakwaini.

Ba kowane amai ba ne laulayi

Kuskure na biyu da ake yi shi ne ɗora wa laulayi duk wani ciwo da ya zo a farkon ciki. Laulayi, komai tsananinsa, ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kawo ciwon ciki mai tsanani, ba ya kawo zubar jini. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya haɗu da amai, a nemi wani dalili.

A ƙasarmu abin da ya kamata a fara kawarwa shi ne maleriya. Ciki yana rage wa mace garkuwar da ta tara tun yarinta, musamman cikin fari, kuma maleriya tana zuwa da amai, ciwon kai da ɗacin baki, kamar laulayi sak. Gwajin ɗigon jini a yatsa na 'yan mintuna ne, ana yinsa a ƙananan asibitoci. Kada a sayi maganin maleriya a sha bisa zato, domin ba kowane ya dace da wata ukun farko ba. Fansida, alal misali, wadda ake ba masu ciki don rigakafi a wajen awo, ba a fara ta sai ciki ya shiga mako na 13.

Ciwon sanyin mafitsara da ya hau ƙoda shi ma yana kawo amai, tare da zafin fitsari, ciwon kwiɓi da rawar sanyi. Idan ido ya yi ɗorawa, ana duba ciwon hanta, abin da muke kira shawara. Ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, tare da ɗigon jini ko suma, yana iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, wanda aikin tiyata ne na gaggawa. Akwai kuma wani irin ciki da babu ɗa mai rayuwa a cikinsa, mabiyiya ce ta rikiɗe ta zama ƙululai masu ruwa. Yana kawo amai mai tsanani, ciki ya fi watanninsa girma, jini ya riƙa ɓullowa. Sikanin ne ke bambance shi, shi ya sa ake so a yi wa duk mai matsanancin laulayi hoton ciki. Mai ciwon sukari kuwa, idan amai ya hana ta ci da sha, ba ta da sararin jira ko na yini ɗaya.

Lokacin da aman ya fara shi ma abin lura ne. Wanda ya fara karon farko bayan ciki ya wuce wata uku, da wuya ya zama laulayi. Wanda ya zo a rabin ciki na biyu tare da ciwon kai, kumburin fuska, dishi-dishin gani ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana iya zama hawan jinin masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga. Wannan ba ya kwana a gida.

Abin da za a iya yi a gida tun abin bai yi nisa ba

Ga mai laulayi mai sauƙi ko matsakaici, dabarun gida suna taimakawa. Babbar ƙa'ida ita ce kada ciki ya zama wayam, kada kuma ya cika tim. A ci kaɗan-kaɗan duk bayan sa'a biyu, maimakon zama a ci tuwo malmala guda. A ajiye busasshen abu kusa da gado, kamar biskit ko gasasshen burodi, a ɗan ci kafin a tashi da safe. Abinci mai maiƙo da yaji da soye-soye yana daɗewa a ciki, ya fi tayar da zuciya. Abinci mai sanyi ya fi shiga, domin ƙamshinsa bai kai na mai zafi ba. Kada a haɗa ci da shan ruwa mai yawa lokaci guda, a raba su da kamar rabin sa'a. Idan kwankwaɗa ba ta yiwuwa, a riƙa kurɓa cokali-cokali duk bayan 'yan mintuna, ko a tsotsi ƙanƙarar da aka yi da ruwa mai tsabta. Citta da lemun tsami da kunun tsamiya marar kauri suna yi wa wasu daɗi. Amma citta ta mai sauƙin laulayi ce. Ga wadda abin ya tsananta, takan ƙara ƙwannafi ne kawai.

Ruwan gishiri da sukari, wanda aka saba ba yara masu gudawa, yana da amfani a nan. A zuba ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu na ƙunshi, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, a riƙa kurɓa a hankali, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo.

Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tana tayar wa mata da yawa zuciya. Idan haka ne, a faɗa wa malamar awo. Sau da yawa za ta ce a jinkirta ta zuwa lokacin da aman ya lafa, a ci gaba da folik asid, ƙaramar ƙwayar nan da ke kare lakar jariri a makonnin farko. Kanwa kuwa a bar ta. Mai yawan amai ta riga ta zubar da tsamin cikinta har ma'aunin jininta ya karkata, kanwa kuma ɓangaren da ya karkata take ƙara turawa. Haka nan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna cin bangon tumbin da babu komai a ciki. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ba a san abin da ke cikinsu ba, wata ukun farko shi ne lokacin da ake halittar gaɓoɓin ɗa, ba lokacin gwaji ba ne. Idan laulayi ya haɗu da watan Ramadan, malamai sun yi bayani cewa shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan ta ji tsoron cutuwa a kanta ko a kan abin da ke cikinta. Wadda ruwa ba ya zama mata ba ta da abin da za ta yi azumi da shi.

Abin da ake yi a asibiti

Sanin abin da ke jiran mutum yana rage fargaba. Za a auna nauyi, hawan jini, bugun zuciya da zafin jiki. Za a gwada fitsari, a gwada maleriya, inda akwai hali a duba gishirin jini da aikin ƙoda da hanta, a yi sikanin. Sannan a ɗaura ruwa ta jijiya. Ruwan da aka fi farawa da shi mai gishiri ne, ana ƙara masa fotasiyam gwargwadon abin da gwaji ya nuna.

A nan akwai gargaɗin da ya kamata kowa ya riƙe. An saba a kira wani ya zo gida ya ɗaura wa marar lafiya ruwa mai sukari don ta sami ƙarfi. Ga macen da ta yi makonni tana amai, wannan na iya zama sanadin lalacewar ƙwaƙwalwarta. Jiki yana amfani da tayamin wajen sarrafa sukari, don haka idan aka zuba sukari cikin jinin da tayamin ɗinsa ya kusa ƙarewa, sai ya cinye ɗan ragowar. Ƙa'ida ita ce a ba da tayamin kafin ruwa mai sukari. Duk wanda ke jinyar mai irin wannan hali yana da haƙƙin ya tambaya, "An ba ta bitamin B1 kuwa?"

Game da maganin tsayar da amai, tsoron da mata ke yi yana da tushe. Daga 1957 zuwa 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a ƙasashe da dama, masu ciki suka sha don laulayi, aka haifi yara fiye da dubu goma da naƙasar hannuwa da ƙafafu. Wannan masifa ce ta sa aka tsaurara dokokin gwajin magunguna a duniya. Magungunan da ake ba masu ciki yau an daɗe ana bibiyar su a kan mata masu ɗimbin yawa. Akan fara da bitamin B6, shi kaɗai ko haɗe da dokzilamin, ko kuma furometazin da ire-irensa, waɗanda babban illarsu sa barci. Idan ba su isa ba a ƙara metokulofuramaid na 'yan kwanaki, ko ondansetiron, wanda likita zai yi wa mace bayanin ɗan ƙaramin haɗarin tsagewar leɓe ko ganɗar jariri idan an sha a farkon ciki, su auna shi da haɗarin barin ta a haka. Sau da yawa sai an haɗa biyu kafin a ci nasara, kuma idan ƙwaya ba ta zama, allura ake yi. Metokulofuramaid yakan sa wa wasu matasan mata wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya yi nauyi. Illar magani ce, tana da allurar da ke warware ta cikin ɗan lokaci, kuma tana cikin dalilan da suka sa bai kamata a saye shi a kemis ba tare da rubutun likita ba.

Yawancin mata suna farfaɗowa cikin kwana biyu zuwa uku. Kuskuren da ke mayar da su gado shi ne daina shan magani da zarar an sallame su. Sinadarin da ke tayar da zuciyar yana nan a jini har sai lokacinsa ya wuce, don haka a ci gaba da magani a kan lokaci kamar yadda aka rubuta, ba sai amai ya dawo ba. Wadda ta taɓa yin wannan cuta kuma, da zarar ta ga ɓatan wata a ciki na gaba ta je asibiti, domin maganin da aka fara da wuri ya fi wanda aka fara bayan jiki ya bushe.

Nauyin da ke kan mutanen gida

A al'adarmu ƙaramin ciki abin ɓoyewa ne, cikin fari kuma abin kunya. Yarinya ba za ta iya buɗe baki ta ce wa uwar mijinta ko mahaifiyarta tana da ciki ba, balle ta ce a kai ta asibiti. Mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya fito, alhali wannan cuta tana cin mutum ne a wata na biyu da na uku, lokacin da babu ma'aikacin lafiyar da ya san da ita. Ga shi kuma fitar mace tana hannun maigida, kuɗin mota da na magani ma haka. Saboda haka lafiyarta tana rataye ne a kan idon waɗanda ke tare da ita.

Maigida ya sani cewa matar da ta ce warin jikinsa ko turarensa na tayar mata da zuciya ba ƙinsa take yi ba. A ɗauke mata girki, a nisanta ta da hayaƙin murhu da ƙaurin suya, a samo wadda za ta kula da yara. Iyaye mata kuma su daina auna laulayin 'ya'yansu da surukansu da nasu, domin jiki ba ɗaya ba ne. A kula da zuciyarta ma. Makonni na amai da kwanciya a ɗaki suna jefa mace cikin baƙin ciki, har wata ta ji ta tsani cikin da ta daɗe tana roƙo, ko ta ce gara ta mutu. Wadda ta furta irin wannan magana a saurare ta, kada a yi mata faɗa, a kuma faɗa wa likita.

Duk mai ciki da ta kwana ta yini ruwa bai zauna mata ba, ko ta yi sa'a 8 ba fitsari, ko take ramewa ana gani, ko aka ga jini a amanta, ko zazzaɓi, ciwon ciki, zubar jini, suma ko rikicewar tunani suka haɗu da aman, a kai ta asibiti mafi kusa a ranar, ko da cikin bai kai wata biyu ba, ko da ba a riga an sanar da dangi ba. Maigida, kada ka jira ta roƙe ka, domin kunya ba za ta bar ta ba. Kai ne za ka ce ta ɗauko mayafinta ku tafi.